Ciwon Sha-raɓa da Haki Bayan Tiyata: Yadda Ake Karanta Rahoton Nas ɗin Dare

Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a asibiti ya san lokacin nan na safe da nas-nas ke taruwa a tebur ko su bi gado gado, wadda ta kwana tana magana, wadda ta iso tana saurare da biro a hannu. Masu jinya kan ɗauka gaisuwa ce da sallama, su fita neman ruwan zafi. Alhali a 'yan mintunan nan ne ake miƙa duk abin da ya faru da majiyyaci cikin dare daga hannu zuwa hannu, kuma abin da aka manta ba a faɗa ba, sau da yawa ya tafi ke nan. Tun a 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan miƙa aiki cikin wuraren da ta fi jan hankalin asibitoci a kansu, saboda a nan bayani ya fi zubewa.

Zan ɗauki misali guda in bi shi daki daki. Mace ce mai shekara 46, nauyinta kilo 90, an yi mata tiyatar cire mahaifa saboda ƙari, yau kwana huɗu. Aikin ya yi kyau, har an fara maganar sallama. Ga abin da nas ɗin dare ta rubuta a kanta, ta kuma karanta wa ta safe a bakin gado:

"Gado na 7. Ana zargin gudan jini ya taso daga ƙafa ya shiga huhu. Tana kan oksijin, an fara allurar tsinka jini. Da ƙarfe 10 na dare lafiyarta ƙalau: bugun zuciya 84, numfashi 18 a minti, oksijin kashi 98, hawan jini 128/80, zafin jiki 37.1. Da ƙarfe 2:10 ta yi kukan ciwo a sha-raɓar hagu, wanda babu shi jiya. Wurin ya kumbura, da ɗumi, da zafi in an taɓa. Kaurin hagu santimita 41, dama 37. Bugun zuciya 96. Na kira likita 2:20, yana ɗakin tiyata. Na hana tausa. Da 3:40 ta tashi zuwa bayi da taimakon ƙanwarta, ta dawo tana haki, da suka a ƙirjin dama in ta ja numfashi. Bugun zuciya 118, numfashi 28, oksijin 90, hawan jini 110/70. Na zaunar da ita, na sa oksijin, ya hau 95. Na sake kira, likita ya iso 3:55. Ɗinki a bushe, ciki bai kumbura ba, babu zubar jini. An ɗebi jini, an yi awon zuciya da hoton ƙirji. Bayan shawara da likitan da ya yi aikin, an yi mata enoksafarin miligiram 90 da ƙarfe 4:40, ta gaba 4:40 na yamma. A lura: allurar rigakafi ta kwana na 2 da na 3 ba a yi ba, ba a samu maganin ba. Saura hoton jijiyoyin huhu da na ƙafa, da sakamakon gwajin ƙoda. Awo duk minti 30. A kira likita nan take in hawan jini na sama ya sauka ƙasa da 90, ko oksijin ya gaza 92 duk da tana kan iska, ko ta suma, ko jini ya ɓalle. An yi wa mijinta bayani."

Rahoton bai kai shafi ɗaya ba, amma babu layin da aka sa don ado.

Kafin a gane dalilin da ya sa ciwon ƙafa ya tayar wa nas hankali da tsakar dare, sai an san yadda jini ke komawa zuciya. Zuciya na tura shi ƙasa da ƙarfi, amma dawowarsa sama daga ƙafa ta dogara ƙwarai da naman sha-raɓa. Duk takun da mutum ya yi, naman na matse jijiyoyin da ke can ciki, jinin ya yi sama, wasu 'yan ƙofofi a cikin jijiyar su hana shi komawa baya. Mutumin da ya yi awa biyu ko uku a kan teburin tiyata, sannan ya kwanta kwanaki yana tsoron motsi saboda ɗinki, wannan matsawar ta tsaya masa, jini ya riƙa kwanciya a ƙafa. Ga kuma jikin da aka yanka yana ta ƙara sinadaran daskarar da jini don ya tsayar da zuba, kuma ba a wurin yankan kaɗai suke aiki ba, ko'ina suke zagayawa. Na uku, aikin ciki ko na ƙugu kan taɓa jijiyoyin kansu. Waɗannan abubuwa uku, wato kwanciyar jini, saurin daskarewarsa, da raunin jijiya, ana danganta bayaninsu da likitan Jamus Rudolf Virchow, wanda tun a ƙarni na 19 ya nuna cewa gudan da ake samu a huhu daga jijiyoyin ƙafa yake tasowa. Tiyata na haɗa dukansu a jiki ɗaya. In aka ƙara da ƙiba, ko shekaru, ko ciwon daji, ko juna biyu da jego, ko ƙwayoyin tazarar haihuwa masu sinadarin istirojin, ko an taɓa samun gudan a baya, haɗarin ya ƙaru.

Gudan da ya tsaya a ƙafa ciwo ne da kumburi. Abin tsoro shi ne ya ɓalle. In ya ɓalle, sai ya bi babbar jijiyar ciki, ya ratsa ɓangaren dama na zuciya, ya je ya maƙale a jijiyar huhu, kamar yadda tsumma ke bin bututu har ya iske inda ya tsuke ya toshe shi. Iska na shiga huhun, amma jinin da zai ɗauke ta bai iso ba, shi ya sa mutum ke haki alhali babu abin da ya toshe masa hanci ko maƙogwaro. In gudan babba ne, zuciya na turawa ta kasa, hawan jini ya faɗi, mutum ya yanke jiki. Wannan na iya faruwa cikin mintuna, kuma sau da yawa lokacin da majiyyaci ya miƙe bayan doguwar kwanciya ko ya shiga bayi. Shi ne irin labarin da ake ji a gidan makoki: an yi aiki lafiya, tana cin abinci tana hira, sai kawai aka ce ta cika.

Mu koma ga rahoton. Abu na farko da za a lura shi ne ta fara da abin da ya fi muni. Ba ta soma da cewa majiyyaciya ta ci tuwon dare ta sha magani ba. Mai karɓar aiki na da gadaje da yawa a gabanta, kuma jimlar farko ce ke gaya mata inda za ta fara zuwa. Asibitoci da dama na koyar da tsarin da ake kira SBAR, wanda aka aro daga sojojin ruwan Amurka aka shigo da shi aikin jinya a farkon shekarun 2000: a faɗi halin da ake ciki yanzu, sai abin da ya gabata, sai abin da mai magana ke ganin yana faruwa, sai abin da ake so a yi. Gaɓa ta uku ce ta fi wa ƙananan ma'aikata wuya, don akwai kunyar kada a ce nas ta shiga hurumin likita. A ganina wannan kunya ba ta da wuri a nan. Nas ɗin da ta ce wa likita a waya "gado na 7 na ciwon ƙafa", za a iya ce mata ta ba da maganin ciwo. Wadda ta ce "ƙafar hagu ta fi ta dama da santimita 4, kwana huɗu da tiyata, ta rasa allurar rigakafi biyu, ina zargin gudan jini", ta sa likitan ya ga abin da take gani tun bai iso ba.

Wannan awo na ƙafa ba da ido ake yin sa ba. Ana laluben ɗan tudun ƙashin da ke ƙasan gwiwa ta gaba, a sauko santimita 10, a zagaya da tef irin na tela, a yi wa ɗaya ƙafar daidai haka. Bambancin da ya wuce santimita 3 yana cikin alamomin da likitoci ke ƙirgawa a ma'aunin Wells, wanda da shi ake ƙiyasta yiwuwar gudan jini. Nas mai lura kan sa ɗan alama da biro a fata, domin wadda za ta auna da rana ta auna wuri ɗaya. Kuma ƙafa ɗaya ce ta kumbura. Kumburin ƙafa biyu daidai wa daida ya fi karkata ga yawan ƙarin ruwa, ko ciwon zuciya, ko na ƙoda. Akwai wani tsohon gwaji na lanƙwasa tafin ƙafa sama a ga ko sha-raɓa za ta yi zafi. An daina dogara da shi, don yana yawan ɓatar da mai gwadawa.

Sai lambobin, waɗanda su ne ƙashin bayan rahoton. Bugun zuciya 96 da ƙarfe biyu bai wuce ƙa'ida ba, domin na babba mai hutawa tsakanin 60 da 100 yake. In shi kaɗai aka rubuta, babu wanda zai ɗaga kai. Amma 84, sai 96, sai 118 cikin awa shida, hanya ce da ke nuna inda aka nufa. Haka hawan jini: 110/70 lafiyayye ne a wurin mutane da yawa, amma ga wadda ta kwanta da 128/80, sauka ce. Shi ya sa kowace lamba ke tafe da lokacinta. Numfashi kuwa, wanda ƙa'idarsa 12 zuwa 20 ne a minti, shi ne awon da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, saboda babu na'urar da ke ƙirga shi a yawancin ɗakunan kwanciya. Sai nas ta tsaya da agogo ta kalli ƙirji na ɗagawa har minti guda. Inda aka ga an jera 20, 20, 20 a takardar awo dare da rana, akwai alamar ba a ƙirga ba, kuma wannan lamba ce kan fara canzawa kafin sauran.

Ita ma 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa tana da iyakarta. Sanyin hannu, jan farce da baƙin lalle na iya rikita ta. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Michigan aka buga a 2020 ya nuna cewa a jikin baƙar fata takan nuna oksijin ya fi yadda yake a zahiri, fiye da yadda take yi a jikin farar fata. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Ƙari a kan haka, mutum na iya samun guda a huhu na'urar tana nuna 96. Don haka in majiyyaci na haki, ba ya iya ƙarasa jimla sai ya tsaya, kyakkyawar lamba ba ta isa a koma a zauna ba.

"Na hana tausa." Wannan gajeren layi ya shafi mai jinya fiye da kowa. A al'adarmu, wanda ya ce ƙafa na masa ciwo, abin da ƙauna ke fara sa mu yi shi ne mu ɗauko man zafi mu murza, ko mu gasa da tsumma da ruwan zafi, mu ce jijiya ce ta ɗaure. Ƙanwar wannan baiwar Allah da ta ce "Yaya, kawo in matsa miki" ba ta nufin komai sai alheri. Amma murza ƙafar da ake zargin akwai guda a cikinta abu ne da ma'aikatan lafiya ke hanawa, don gudun kada a taimaka masa ya ɓalle. Abin da ake so daga mai jinya shi ne ta je tebur ta ce, "Sista, ƙafarta ɗaya ta kumbura, kuma jiya ba haka take ba." Ko da ƙarfe nawa ne. Mai jinyar da ke kwana a tabarma kusa da gado takan riga kowa ganin canji.

Wani zai ce, tunda alamun sun fito fili haka, me ya sa nas ba ta yi allurar tun ƙarfe biyu ba, kuma me ya kawo maganar ɗinki da ciki? Dalili shi ne haki da saurin bugun zuciya bayan tiyata ba gudan jini kaɗai ke kawo su ba. Akwai ciwon nimoniya, wanda yakan zo da zazzaɓi da tari mai majina. Akwai lotsewar ƙasan huhu ga wanda ke tsoron jan dogon numfashi saboda zafin yanka. Akwai ruwa a huhu in ƙarin ruwa ya yi yawa, akwai bugun zuciya. Mafi haɗari a nan shi ne zubar jini a cikin ciki, domin shi ma yana kawo saurin bugun zuciya da saukar hawan jini da haki, kuma maganin tsinka jini ga mai zubar jini ƙara masa bala'i ne. Shi ya sa aka duba ɗinki, aka taɓa ciki, aka auna yawan jini, aka tuntuɓi wanda ya yi aikin kafin a huda ta. Hoton ƙirji na yau da kullum ba ya nuna gudan, amfaninsa shi ne ya kawar da sauran zarge-zargen. Akwai gwajin jini da ake kira di-daima, mai amfani wajen kore zargin guda ga wanda ya zo daga gida, amma bayan tiyata kusan kullum a sama yake saboda yankan kansa, don haka a nan ba ya raba gardama.

Abin da ke tabbatarwa shi ne hoton siti-sikan na jijiyoyin huhu, wanda ake yi da allurar wani ruwa mai haska jijiya, da kuma hoton Dofla na ƙafa. Ba kowane asibiti ke da su ba, inda suke ma ba lallai a same su da ƙarfe huɗu na asuba ba. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce in zargi ya yi ƙarfi, hoto zai yi jinkiri, kuma babu zubar jini, a fara magani kafin hoton. Kuma rashin ganin guda a ƙafa bai wanke huhu ba, tunda mai yiwuwa ya riga ya tashi. Shahararriyar 'yar wasan tanis Serena Williams ta ba da labarin haka da bakinta: washegarin haihuwarta ta hanyar tiyata a 2017 numfashinta ya sarƙe, ta gaya wa nas tana bukatar hoton huhu da hefarin domin ta taɓa samun wannan ciwo, aka fara da hoton ƙafa ba a ga komai ba, sai da aka yi na huhu aka ga gudaje.

Yawan maganin da aka rubuta shi ma yana da ma'ana. Allurar rigakafi ta enoksafarin da ake yi a fatar ciki yawanci miligiram 40 ce sau ɗaya a rana. Ta magani kuwa da nauyi ake lissafa ta, miligiram 1 ga kowane kilo, sau biyu a rana, shi ya sa mai kilo 90 ta samu 90. In nas ta rubuta "an yi allura" kawai, ta safe ba za ta san wacce aka yi ba, tana iya ƙara ta rigakafi a kai, ko ta ɗauka an gama na yini. Sakamakon ƙoda da ake jira kuma saboda ta ƙoda maganin ke fita, in ta yi rauni sai ya taru a jiki, dole a rage. Wasu likitocin, in tiyata ta yi kusa ƙwarai, sukan zaɓi hefarin na ƙarin ruwa, saboda ana iya tsayar da shi ƙarfinsa ya gushe cikin 'yan awanni idan jini ya ɓalle. Duk waɗannan magunguna ba sa narkar da gudan da ya riga ya samu. Hana shi girma suke yi da hana sabo fitowa, jiki kuma ya narkar da tsohon a hankali cikin makonni. Akwai magani mai narkarwa kai tsaye, amma yana da haɗarin zubar jini sosai ga wanda aka yanka kwanan nan, sai rai na gab da fita ake tunaninsa. Wannan ne ya sa aka ja layi a hawan jini 90: ƙasa da haka, alama ce zuciya ta fara gazawa, magana ta koma ta ɗakin kulawa ta musamman.

Layin da na fi girmama nas ɗin a kansa shi ne na allurai biyu da ba a yi ba. Abu ne mai sauƙi a yi shiru a kai, tunda ba ya ƙara wa kowa daraja. A asibitocinmu da dama dangi ne ke sayo magani, allurar nan kuma tana da tsada, ga kuɗin tiyata da aka riga aka kashe. Mai gida kan dubi takardar magani ya sayi na ciwo da na kashe ƙwayoyin cuta, ya bar wannan, domin a ganinsa matarsa ba ta da ciwon da allurar za ta warkar, kuma babu wanda ya zaunar da shi ya gaya masa amfaninta. In aka bar gurbin a takarda babu bayani, likitan safe zai ɗauka an yi rigakafi cikakke, zarginsa ya ragu. Rubuta gaskiyar ya canza lissafinsa. Ya kamata ma a ce tun ranar da aka rasa ta farko aka sanar da likita, a ƙara matsa wa majiyyaciya ta tashi ta taka, ta riƙa motsa idon sawu a kan gado, a sa mata safar matse ƙafa in akwai. Da zarar an fara zargin guda kuwa, likita ne zai ce yaushe za ta ci gaba da takawa.

Rahoton nan bai maye gurbin kiran waya ba. An kira likita 2:20, an sake kira 3:40, an rubuta lokacin da ya iso. Kuskuren da ke kashe mutane shi ne nas ta ga abin, ta rubuta shi da kyau a littafi, ta bar shi ya jira zagayen safe. In likitan farko na ɗakin tiyata, akwai na sama da shi, akwai babbar nas mai kula da dare, kuma mai karatu mai kaifin ido zai tambaya ko an nemi ɗayansu a tazarar nan ta awa ɗaya da minti ashirin. Tambaya ce da ta dace a yi.

In hoto ya tabbatar, wannan mata za ta koma kan ƙwayoyi irin su ribaroksaban, afiksaban ko wafarin, aƙalla wata uku. Mai shan wafarin sai ya riƙa zuwa gwajin jini a kai a kai don daidaita yawansa. Za a gargaɗe ta kan haɓo, jinin dasashi, baƙin bayan gida, da shan asfirin ko sauran magungunan ciwon jiki na kemis ba tare da izini ba. Wanda aka sallama lafiya ma bai fita daga haɗarin ba, domin yana nan har kusan makonni 12 bayan babbar tiyata, kuma da yawa a gida abin ke samunsu. Saboda haka ne ake ci gaba da allurar rigakafi har kwana 28 bayan tiyatar ciwon daji a ciki, har kusan kwana 35 bayan canza ƙashin ƙugu. Mai jego, musamman wadda aka yi wa tiyata, makonni shida na farko ne suka fi mata haɗari, wato kusan daidai da kwanakin arba'in da take yi a ɗaki. In ƙafa ɗaya ta kumbura, ko haki ya taso haka kawai, ko suka a ƙirji, ko tari da jini, a kai ta asibiti a ranar, kada a jira ranar cire zare. Da an isa kuma a fara gaya wa ma'aikacin da aka tarar irin aikin da aka yi mata da ranar da aka yi shi, a miƙa masa katin sallama da ragowar magungunan da take sha.